Izinin Duba Kundin Ciniki

A shagon, kowa Mai Makulli yake kiransa, don shi ke kula da rumbun bayanai. Duk abin da aka sayar a rassan shagon huɗu, daga sabulu har firji, a hannunsa yake kwana. Ofishinsa ɗan ɗaki ne a bayan sito, ba taga, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a bokiti.

Wata Litinin wasiƙa ta shigo masa ta imel daga mai nazarin ciniki, wadda ba ta fi wata shida da kama aiki ba. Bayan gaisuwa ta rubuta: "Ina neman izinin karantawa kawai a kundin ciniki na shekara ɗaya. Ba zan gyara ko goge komai ba, kuma ba na buƙatar sunayen kwastomomi ko lambobin wayarsu. Rahoton da ake ba ni a dunƙule yake, kuma adadin cinikin reshen bakin tasha bai kwanta mini ba. Ran ashirin ga wata za a zauna a kan reshen." A ƙasa manaja ya sa layi ɗaya cewa ya amince.

Aikin bai kai na rabin awa ba, ya kuma sani. Zai ware mata layukan da take so, ya ɓoye na kwastomomi, ya buɗe mata a kwafin rumbun da ake fitar da rahoto, yadda bincikenta ba zai sa injinan karɓar kuɗi da ke kan kanta su yi nauyi ba. Sai dai akwai wata a ƙasa. A wani taro ta taɓa cewa, gaban kowa, rahotonsa yana maimaita wasu layuka. Gaskiya ta faɗa, abin da ya fi masa ciwo ke nan.

Ya amsa mata cewa ta cike fom. Ta cike. Ya ce sa hannun manaja a kan fom ake so, imel ba ya wadatarwa. Manaja kuwa ya yi tafiya. Da ya ba matarsa labari yana dariya, ta ce masa wannan ba ƙa'ida ba ce, ramuwar gayya ce ta sa rigar aiki. Ya ce ita ba ta san ofis ba.

Ana saura kwana uku taron, mai nazarin ta zo da kanta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, in ba za a buɗe mini ba, ka ciro mini na reshen nan kawai, inji-inji. Mutum tara ne ke ci a wurin."

"Malama, ni ba ni na kafa doka ba," ya ce, idonsa a kan kwamfuta.

Manaja ya dawo da safiyar ranar taron. Aka zauna da rahoton da ke hannu, wanda ya nuna cinikin reshen ya faɗi da fiye da rabi. Ta roƙi a ɗaga mako ɗaya, aka tambaye ta hujja, ba ta da ita. Aka rufe reshen. Mutum huɗu aka raba su sauran rassa, biyar aka sallama, har da shugaban reshen, dattijon da kowa ke kira Kawu, mai shekara goma sha huɗu a wurin.

Fom ɗin ya yi ta kwana a tiren manaja, don ba mai sauran gaggawa. Sai bayan mako uku ya dawo da sa hannu, Mai Makulli ya buɗe mata. Washegari da hantsi ta shigo da kwamfutarta ta ajiye a gabansa. Wata bakwai da suka wuce, da aka canza injinan kanta a reshen, biyu daga cikin ukun an sa musu lambar babban reshe. Duk abin da suka sayar can yake tafiya. Reshen Kawu bai taɓa faɗuwa ba.

Ba ta yi masa gori ba. Ta ce dai ya duba ko ita ce ta yi kuskure. Ya duba har sau biyu, bai ga kuskure ba.

Shi ya kai wa manaja da ƙafarsa, ya jera masa ranakun wasiƙar da na amsoshinsa, bai rage ko ɗaya ba. Aka ba shi takardar gargaɗi. Ginin kuwa mai shi ya riga ya ba wani mai sayar da taya. An kira mutum biyu sun dawo. Kawu ma an kira shi, ya ce a gode wa manaja, amma girma ya kama shi, ba zai sake sabon fari ba.

Bayan wata biyu Mai Makulli da Kawu suka haɗu a layin kantin magani. Kawu ya riƙe hannunsa yana tambayar iyali, yana cewa yarinyar nan mai lissafi ta wanke shi, Allah ya yi mata albarka, ko ba komai yanzu yana iya ɗaga kai gaban 'ya'yansa.

"Kawu, da an ba ta abin da ta nema da wuri..." in ji Mai Makulli.

"Ai ofis sai haƙuri, ɗana. Kai ma na san ka yi iya ƙoƙarinka."

Layi ya matsa. Mai Makulli ya ja da baya ya bar dattijon ya shiga gabansa.