Takardar Saukar Alhaji Badaru

Malam Yusha'u, shugaban wata Islamiyya a Agege, ya rubuta jadawalin masu saukar Alƙur'ani da ajami, sunan ɗalibi a dama, na mahaifinsa a hagu. Ya aika wa Surayya mai shagon kwamfuta ta buga takardun shaida. Surayya ta kwafe sunayen da boko yadda suke a jere, na hagu a hagu. Da ta kira Malam ta tambaye shi kanun jerin sunayen, sai ya ce, "Na farko ɗalibi, na biyu mahaifi." Shi farkonsa dama ne, ita kuwa ta ɗora "ɗalibi" a hagu.

Ranar walima mai sanarwa ya kira, "Ɗalibi Alhaji Badaru, ɗan Saminu!"

Alhaji, mahaifin Saminu, dillalin albasa a kasuwar Mile 12, ya miƙe da furfurarsa, taro ya fashe da dariya.

Malam ya duba takardun ya ce, "Surayya, ai namu daga dama yake farawa!"

Cike da kunya ta mayar da jerin yaran zuwa hagu ta sake bugawa. Alhaji dai ya ƙi mayar da tasa, ya kafa ta a rumfarsa.