Daƙiƙa Bakwai na Inna Mero

Rubutu ɗari biyu da goma sha huɗu na sa a ƙasan bidiyon nan, kuma na san kowanne kamar yadda na san tukwanen ɗakina. Shi ya sa da fayil ɗin rubutun ya dawo daga dubawa a ofishin Alhaji Badamasi, kallo ɗaya na yi masa na san an taɓa shi.

Ni ce Bashira, ina aiki a ɗan shagon haɗa bidiyo na Mannir a Ƙofar Guga. Shi yana yanka hoto, ni ina rubuta abin da ake faɗi da Hausa a ƙasa. Bidiyon na wata ƙungiya ce da ta kafa wa mata masu tallan nono firij mai aiki da hasken rana a bayan gari. Alhaji Badamasi ne jagoran aikin. A ciki akwai jami'a mai Turanci, da injiniya ɗan Kwatano mai Faransanci, wanda Malam Yusuf na makarantar 'yan mata ya fassara mini a takarda, sai Inna Mero, shugabar matan, da Fillanci. Wannan ban nemi kowa ba, yaren mahaifiyata ne.

Firij ɗin bai yi wata biyu ba ya daina sanyi da zarar rana ta faɗi. Nono ya yi ta lalacewa. Makullin ɗakin firij ɗin a hannun Inna Mero yake, to ka san sauran: aka fara cewa tsohuwa ta sayar da batura. Ranar Asabar kwamitin aikin zai nuna bidiyon a taro, daga nan a karɓe makullin a gaban jama'a.

Inna Mero tana jin Hausa sarai, kullum da ita take ciniki a unguwar Gobarau. Masu ɗaukar hoto ne suka ce ta yi yarenta don ya fi armashi, ita kuwa ta samu ƙofa. A minti na sha ɗaya, Alhaji yana tsaye gefenta yana murmushi bai san me ake ciki ba, ta zuba magana da sauri, sannan ta sunkuyar da kai. Sai da na saurara sau goma kafin na matse ta a layi biyu:

Batura shida aka sa ranar buɗewa.
Washegari motar Alhaji ta kwashe huɗu.

Ƙa'idata ba ta da yawa. Layi biyu, kowanne kada ya wuce harafi arba'in. Rubutu ya fito da fitowar murya, kada ya tsallaka ya sauka ƙarƙashin fuskar wani. Kuma kafin in yarda da lokaci sai na karanta shi a fili, a hankali, yadda goggona take haɗa baƙi, domin mutanenmu ba da ido kaɗai suke karatu ba, da baki suke yi, na kusa ya ji. Maganar Inna daƙiƙa biyar ce, sunkuyawarta biyu, hoto bai sauya ba. Na ba ta bakwai ɗin cif.

Abin da ya dawo kuwa, babu kalma ɗaya da aka goge. An dai haɗe layi biyun sun zama ɗaya dogo har ƙarshensa ya faɗa bayan allo, an kuma mayar da daƙiƙa bakwai rabin daƙiƙa. Ƙiftawar ido, ya wuce. In an tambaya a ce ai an fassara komai, ga shi nan a fayil. Wannan wayon ya fi sharewa ba ni haushi, wallahi.

Mannir ya ce ƙila na'ura ce ta rikice. Na ce ya daina raina mini hankali. In na'ura ce, ko an yanke wani wuri a hoton, rubutun da ke biye duk sai ya goce tare, ya riga murya ko ya makara. Ta yaya za ta tsallake ɗari biyu da sha uku ta zaɓi na Inna? Kuma Alhaji da ko saƙon waya sai an tura masa, shi ne zai buɗe fayil ya gyara lambobin lokaci? Wani ne wanda ya san sana'ar. Mu nawa ne a unguwar nan?

Bai kalle ni ba. Ya hau goge madannan kwamfuta da hannun riga, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Na tuna ranar Laraba ya ce zai je gaisuwar mutuwa Ƙofar Kwaya, ya kuma tafi da kwamfutarsa a jaka. Wa ke zuwa gaisuwa da kwamfuta? Duk yinin nan ko ruwa ya miƙo mini sai na duba fuskarsa.

Da la'asar ya ce, murya ƙasa-ƙasa, rabin aikin shagon nan daga hannun Alhaji yake fitowa.

"Ni dai sunana ke ƙarshen bidiyon," na ce. "Zan mai da rubutun yadda yake, in manne shi jikin hoto yadda ba mai sake taɓawa. In za ka hana, hana ni yanzu."

Sai ya ɗauki hularsa ya ce shi ya tafi masallaci. Na zauna na gyara, na manne. Har yau bai ce shi ne ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Ranar Asabar zauren ya cika. Matan suna baya kan tabarmi, Inna Mero a bakin ƙofa da makullin ɗaure a gefen zaninta, ba mai yi mata magana. Ni kuwa ina ta duban ko Alhaji zai ce a sa wani kwafin. Bai ce ba. Ya ma karɓi lasifika ya ce shi zai riƙa karanta rubutun saboda iyayenmu da ba su yi boko ba.

Ya iya karatu, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya karanta na mai Turanci, ya karanta na injiniya har da kwaikwayon hannu, aka yi dariya. Inna Mero ta bayyana a bango, ya karanta gaisuwarta. Sai layi biyun suka fito, farare, manya, suka tsaya.

"Batura shida aka sa ranar..." Nan ya tsaya.

Ina ƙirgawa a zuci. Biyu. Uku. Lasifika na bakinsa, numfashinsa kaɗai ke fita. A ta huɗu wata mata daga kan tabarmi ta ɗauka daga farko, tana haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, wasu biyu suka kama mata. Sun kai "huɗu" rubutun yana nan, sannan ya ɗauke.

Shugaban kwamiti ya ce a mayar baya. Aka mayar. Wannan karon rabin zauren ne ya karanta.

Ba a karɓi makulli ba. An ce Alhaji ya zauna bayan taro, shi da direbansa. Mannir yana naɗe waya ya ce mini, ba tare da ya ɗago ba, in fara neman mana aikin biki.

A bakin ƙofa Inna Mero ta riƙe mini mayafi. Ta tambaye ni da Fillanci ko ni ce mai rubutun. Na ce ni ce, Inna. Ta ce tun ranar da aka ɗauki hoton take zaton ba wanda ya ji ta. Hannunta yana kan makullin, ni kuma sai na ɗaukar mata ƙwaryarta zuwa bakin titi.