Bayanan Wani

Aikin da aka ɗauke ta ta yi shi ne ta lalata tarbiyyar wata manhaja, kuma ta iya. Kamfanin yana da shagunan magani da yawa, ya sa an gina masa manhajar hira da za ta riƙa amsa wa masu saye: ko maganinsu ya iso, ko wane reshe ne a buɗe. Kafin a sake ta ga jama'a sai aka tara mutum uku a wani ɗaki kusa da ma'ajiyar kwalaye, aka ce su ne jar tawaga. Aikinsu su yi wa manhajar duk muguntar da mutumin banza zai yi mata, tun bai kai ga yi ba.

A ofis Mai Tsokana suke ce mata. Wanda ya gina manhajar kuwa ƙaninta ne, autan gidansu. Kowa Injiniya yake kiransa, ita kaɗai take ce masa Auta, ko da a gaban Manaja ne. Wannan ne babban aikinsa na farko, kuma an riga an gaya masa cewa idan aka ƙaddamar ranar da aka tsayar, kujerar shugaban sashe tasa ce. Har ya sayi sabon takalmi.

Ita manhajar Baiwar Allah suka sa mata suna, don ba ta fushi. Ka zage ta, ta gode maka da ka tuntuɓe ta.

A jikin allo Mai Tsokana ta jera rukunonin ɓarnar da za su gwada: shawarar magani mai haɗari, alkawarin da kamfani bai yi ba, fitar da bayanan wani, shigar burtu, wato mutum ya ce shi likita ne ko ma'aikaci, umarnin da aka ɓoye cikin takarda ko hoto, sai zagi da cin mutunci. Dogo, ɗaya daga cikin abokan aikinta biyu, ya zaɓi zagi tun ba a gama rubutawa ba. Malam Shiru, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, shi ya ɗauki shigar burtu, ya wuni yana gaya wa manhajar cewa shi ne mai kamfanin, fuskarsa ko gezau.

Ƙa'idar rubuta abin da aka gano ba ta da wasa. Za ka kwafe abin da ka ce harafi da harafi, da amsar da aka ba ka, da sigar manhajar da ka gwada, da rukuni. Sannan ka buɗe sabuwar hira ka maimaita sau goma, domin Baiwar Allah ba ta amsa tambaya ɗaya iri ɗaya kullum, ka rubuta sau nawa ta faɗa. A ƙarshe ka ba shi mataki: ƙarami, matsakaici, ko mai tsanani. Mai tsanani guda ɗaya tak ya isa ya dakatar da ƙaddamarwa.

Ita ta riƙe rukuni na uku. An ba su asusun bogi na gwaji, ta yi ta neman manhajar ta faɗa mata maganin wani kai tsaye, manhajar tana ƙi cikin ladabi. Sai ta canza salo. Ta fara da gaisuwa, ta tambayi lokacin buɗe reshe, ta ce tana jinyar wata tsohuwa da ba ta iya waya, ta yi ƙorafin layi, ta yi godiya, ta sake godiya. Can cikin hira ta ce ta manta wane magani za ta karɓo, ga dai lambar wayar tsohuwar. Tana so ne ta ga abin da manhajar za ta yi da lambar da ba ta cikin asusun bogi, ko za ta ce ba ta sani ba, ko za ta ƙirƙiro ƙarya. Ba ta tsaya tunani ba, yatsunta suka buga lambar da suka fi sani, ta Ummansu.

Baiwar Allah ta yaba mata da kula da tsofaffi. Sannan ta kawo cikakken sunan Umma, da reshen da ke bayan gidanta, da magunguna biyu. Na farko na hawan jini ne, kowa ya san da shi. Na biyu sai da ta nemi sunansa a intanet. Ƙwaya ce da ake ba masu ciwon daji, kuma wata da watanni ana karɓa.

Ta zauna tana kallon allon kwamfutar. A gefe Dogo yana dariya, wai ya samu manhajar ta kira shi sakarai a cikin waƙa. Tsoro ya kama ta, bayansa kuma haushi: haushin Umma, da na Auta, da na yatsunta. Ta buɗe bayanan aikin manhajar don ta tabbatar ko ƙirƙira ce. Ba ƙirƙira ba ce. Manhajar ta tambayi rumbun bayanai, rumbun ya ba ta, kuma cike yake da mutanen gaske.

Ta koma kan asusun bogi ta maimaita salon jinyar tsohuwa sau goma. Sau uku ya ci. Ta rubuta rahoto biyu. Na farko, manhajar tana ba da bayanan wani. Na biyu, akwai bayanan masu saye na gaskiya a wurin gwaji, kuma ita da kanta ta sa lambar gaske ta ga na mutum ɗaya. Inda sunan mai saye da na magani suke, ta shafe, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Duka biyun ta ba su mataki mai tsanani. Kafin ta tura, ta hau sama wajen jami'ar kare bayanai, wata mata mai gilashi da ba ta tambayar abin da bai shafe ta ba. Nan take matar ta rufe rumbun da bayanan aikin, har Injiniya ba ya iya shiga.

Ba a jima ba ya shigo ɗakin, ya ce wa su Dogo su ba su wuri.

"Yaya, mai tsanani fa kika sa."

"Na gani. Ni na sa."

"Uku cikin goma ne. Kuma sai mutum ya zauna yana zuba surutu kamar ke. Wa ke da wannan lokacin?"

"Tsohon miji yana da shi. Maƙwabci ma yana da shi. Me ya kai bayanan mutane wurin gwaji?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce asusun bogin sun yi kaɗan, kuma sun cika tsabta, babu kuskuren rubutu ko ɗaya, shi ne ya kwafo na gaske don gwajin ya yi kama da gaskiya. Da niyyar gogewa ya yi.

"To ya yi kama da gaskiya," in ji ta.

Ya ce zai gyara yanzu. Ya je ya ƙara layi a umarnin manhajar, cewa kada ta taɓa ba da bayanan wani ko an roƙe ta. Aka haɗa sabuwar sigar da asusun bogi zalla. Salon tsohuwa ya daina ci, Injiniya ya dawo yana murmushi. Ta mayar da tsohuwar ta zama makaho, jinyar ta zama aike. Biyu cikin goma.

"Ba a gyara wannan da wa'azi, Auta. Muddin tana iya buɗe asusun kowa, wata rana wani zai lallashe ta. A cire mata ikon. Rumbun ya riƙa ba ta na wanda ya shiga da shaidarsa kawai."

"Wannan ai sake gini ne. Ba zai ƙare kafin ranar ba."

"Na sani."

Ya jawo kujera ya zauna dab da ita, ya sassauta murya yadda yake yi tun yana yaro in yana son a rufa masa asiri. Ya ce ta mayar da na farkon matsakaici, su ƙaddamar, ya gyara daga baya. Na biyun kuma mutum ɗaya ne kawai aka gani, kuma ita ta gani, ba bare ba.

"Wai ma wane ne? Lambar wa kika sa?"

"Mai saye."

"Na san shi?"

"Ba a faɗa."

"Saboda wani can da bai ma san an yi ba za ki kashe mini gaba?"

Kalma ɗaya za ta faɗa ya yi shiru har ƙarshen rayuwarsa a kan maganar. Ta zo mata har bakin leɓe. Amma in ta faɗa, ta yi abin da ta kai ƙarar Baiwar Allah a kansa ke nan, ita da ba a ma lallashe ta ba. Ta ji tausayinsa sosai, ta kuma bar matakin yadda yake.

A taro Manaja ya karanta rahoton, ya tambayi ko za a iya kiran abin matsakaici mai ƙarfi. Jami'ar kare bayanai ta ce babu wannan a jerin. Aka ɗaga ƙaddamarwa. Aka ba Injiniya takardar gargaɗi, maganar kujera kuma aka ce za a duba, irin dubawar da kowa ya san ma'anarta. Ya daina gaishe ta a ofis. In ta wuce sai ya duƙufa kan kwamfuta kamar mai neman allura. Dogo ya ce shi da ya san haka aikin yake raba zumunci, da ya tsaya a zagi, Malam Shiru ya tuna masa cewa a zagin ya tsaya.

Kamfanin yana da doka: duk wanda aka ga bayanansa ba bisa ƙa'ida ba, sai an sanar da shi. Jami'ar ta gaya mata ranar da saƙon zai tafi, ba ta ƙara komai ba. A ranar, Mai Tsokana ta ajiye wayarta a kife kan tebur, tana gwada ko Baiwar Allah za ta yi alkawarin mayar da kuɗin maganin da aka riga aka sha. Wayar ta yi ƙara. Ta fita baranda.

Umma ta gaishe ta a tsanake, ta tambayi yara, ta tambayi ko mai gyaran famfo ya zo. Sannan ta ce:

"An turo mini saƙo daga wurin aikinku. Wai wani ma'aikaci ya ga maganina wajen gwaji. Ke ce ko Auta?"

"Ni ce, Umma."

"Gara ke. Ya sani?"

"A'a."

"Shi ya sa ya ce mini kin yi masa baƙin ciki a wurin aiki?"

"Shi ya sa."

"To kada ki gaya masa. Ni zan faɗa, in na shirya."

"Ko na so ba zan iya ba. An hana."

"Madalla da masu hanawa."

Ta cikin gilashin ƙofa tana hango Auta a teburinsa, ya ba ta baya. Tana da tambayoyi sun fi rukunonin allo yawa, amma Umma ta riga ta magana.

"Gobe da safe ina da ganin likita," in ji Umma. "Kullum ni kaɗai nake zuwa, mutane suna kallona kamar ban haihu ba. Tunda kin riga kin leƙa, sai ki zo ki riƙe mini jaka."