Ranakun Ruwa a Wasiƙar Khairiyya

Ranar Alhamis, Khairiyya tana tsakiyar amsa tambaya ta biyu fuskokin malamanta uku suka daskare a kan kwamfuta, intanet ya yanke. Shekara shida ke nan tana karatun haɗa magunguna, biyu daga ciki yaƙi ya cinye, ya kuma koro ta daga Khartum zuwa gidan iyayenta a Gadarif. Abin da ya rage mata kawai shi ne munaƙasha, wato ta kare bincikenta gaban malamai ta intanet, tunda su ma kowa ya watse inda ya samu mafaka. Da yamma saƙo ya shigo wayarta da ƙyar: an ba ta dama ta ƙarshe ranar tara ga Disamba, in intanet ya sake yankewa sai baɗi.

Ba wannan ne karo na farko ba. Kamfanin intanet da suke hulɗa da shi ya kafa musu ɗan farantinsa na kama sigina a saman ƙarfen tankin ruwa, don nan ya fi ko'ina tsawo a gidan, yana kallon hasumiyarsu. Daga can waya ta sauko zuwa rauta a ɗakin Khairiyya. Kwana biyar abin zai yi ta aiki kamar mutumin kirki, rana ɗaya ya ɗauke tun hantsi, ba zai dawo ba sai bayan la'asar. In ta kira lambar kamfanin, amsa ɗaya ce: ta kashe ta kunna. Ta kashe ta kunna har maɓallin ya fara sheƙi. Intanet ɗin wayar hannu kuwa, tun da jama'a suka cika garin, ko hoto da ƙyar yake buɗewa a unguwarsu, shagunan intanet na kasuwa kuma malamai sun ce ba su yarda ba, sai ɗaki ita kaɗai.

Mahaifinta Malam Gado, manomin riɗi ne da bai yarda da takarda ba. Ya ce ta bari ya je ofishin ya yi musu ihu. Khairiyya ta ce ihun da aka yi ta waya ya isa, wannan karon rubutawa za ta yi. Ta ɗauko littafin da take rubuta kowace yankewa, da rana da sa'a, ɗabi'ar da ta koya a ɗakin gwaji, ta zauna ranar Juma'a da safe ta tsara wasiƙa da Larabci.

Mahaifiyarta Batulu na gefe tana tsince wake. Ba ta karatun boko, amma ba a aika komai daga gidanta ba ta ji abin da ke ciki ba. Khairiyya ta shiga fassara mata, har ta iso kan ranakun: Litinin uku ga wata, Lahadi tara, Asabar sha biyar, Juma'a ashirin da ɗaya, Alhamis ashirin da bakwai.

Batulu ta ajiye faifan. "Bar lambobin. Sake faɗa mini ranakun kaɗai."

"Litinin, Lahadi, Asabar, Juma'a, Alhamis."

"Ai wannan tafiyar moya ce, ke, ruwan famfo. Kullum da baya take takawa, rana ɗaya ɗaya. Wancan sati Juma'a ta zo, jiya Alhamis, mai zuwa Laraba."

"Yumma, me ya haɗa shabakar intanet da ruwa?"

"Ni na sani? Ke ce daktora. Ni dai na san ranar da nake wanki."

Duk mai gida a Gadarif ya san ruwan famfo bi da bi ake ba unguwanni, kuma unguwar su Batulu sau ɗaya take samu a kwana shida. Khairiyya ta ƙirga a yatsunta. Bayan Laraba uku ga Disamba, ranar ruwa ta gaba ita ce Talata tara ga wata, ranar munaƙasharta.

Batulu ma ta ƙirga. Ta ce ranar ba za a buɗe famfo ba, halas, magana ta ƙare. Khairiyya ta san abin da hakan ke nufi: kwana goma sha biyu gida babu ruwa sai na amalanken jaki, uwarta kuma tana auna kowane kofi. Kunya da tausayi suka kama ta. Ta ce ba za a yi haka ba, kuma ma ba su da tabbacin rufe famfon zai hana. Ta yage takardar farko ta sake sabuwa.

Ga abin da ta rubuta, bayan sallama da sunan mahaifinta da lambar hulɗarsu da kwatancen gida: "Intanet ɗinmu ya yanke sau biyar a watan Nuwamba, a ranakun 3, 9, 15, 21 da 27, kowane karo daga wajen ƙarfe tara da rabi na safe zuwa bayan huɗu na yamma. Ba matsalar wuta ba ce, domin rautar da farantin suna kan batirin sola. A lokacin yankewar rauta tana kunne, fitilar intanet ce kaɗai ke mutuwa. Na kira ku sau biyar, na kashe na kunna, bai yi amfani ba. Duk ranakun nan ranakun zuwan ruwa ne a unguwarmu. Saboda haka ina sanar da ku zai sake yankewa ranar Laraba 3 ga Disamba da safe. Ina roƙon ku turo ma'aikaci a ranar ya gani da idonsa, kuma a gyara kafin 9 ga wata, ranar jarrabawata ta ƙarshe."

Ranar Lahadi ta kai ofishin da kanta, kwafi biyu. Wijdan, matar da ke karɓar ƙorafi, ta karanta har ta zo kan maganar Laraba, ta ɗago kai tana murmushi.

"Ya ustaza, yanzu har duba kike yi mana?"

"Ki sa mini hatimi a kwafina, ki kuma duba na'urarku ranar Laraba. In ƙarya nake ba zan ƙara damunku ba."

Laraba ta zo, ruwa ya zo, intanet ya tafi ƙarfe goma saura kwata. Ma'aikaci dai bai zo ba. Amma kafin azahar Wijdan ta kira, muryarta babu sauran wasa. Ta ce tana kallo farantin gidan ya ɓace daga allonsu, ta kuma koma baya ta tarar da ranakun biyar daidai yadda aka rubuta. Ta sa sunansu a jerin aikin ranar Lahadi.

Lahadi ba ranar ruwa ba ce, kuma saura kwana biyu. Ma'aikacin ya iso da hantsi a babur, tsani mai naɗewa a bayansa. Naziru sunansa, ɗan garin Showak, da ya ji Hausa a tsakar gida sai ya saki Larabcin. Ya haɗa kwamfutarsa da rauta, ya auna, ya juyo da allon yana nuna wa Malam Gado.

"Baba, ishara tamam, gudu tamam. Wallahi babu abin da zan gyara a nan."

"Yau ba ranarsa ba ce," in ji Khairiyya. "Na rubuta a jawabin da na kai ofishinku."

"Na karanta, ya ustaza. Wataƙila injin tura ruwa ne ke jan kahraba, wutar ta yi ƙasa."

"Batirin sola daban yake da layin injin. Shi ma na rubuta."

Naziru ya sosa ƙeya, ya fara naɗe wayarsa. Mutumin kirki ne, amma gidaje bakwai ke jiransa, kuma ba a koya masa gyaran abin da ke aiki ba. Khairiyya ta ji hawaye na taruwa, ta ƙi bari su zubo gaban baƙo.

Batulu ce ta fito daga madafa da bokiti cike. Ruwan girkin rana ne, kowa a gidan ya sani.

"Muhandis, injiniya ɗana, dakata. Ka ce sai ka ga ciwo za ka yi magani? To ga moya. Duk ranar da tanki ke cika, bakin bututun can sama yana tsiyaya, yana bin ƙafar ƙarfen nan ta gabas. Ni ke tara kwano a ƙasa. Hau ka zuba a wurin."

"Hajja, asarar ruwa za a yi."

"Nawa ne. Hau."

Ya hau, Malam Gado ya miƙa masa bokitin, ya tsiyaya a hankali inda aka nuna masa. Ruwan ya gangaro ta jikin ƙarfe, ya kama baƙar wayar da aka ɗaure a kai, ya bi ta. Khairiyya na bakin ƙofar ɗakinta, ido a kan rauta. Minti ɗaya, biyu, har Malam Gado ya fara gyaran murya. Sai fitilar ta yi ƙyafta biyu ta mutu.

"Ta tafi," in ji Khairiyya, tana dariya kamar an yi mata albishir.

Naziru ya bi wayar da hannu har bayan wani ƙarfen giciye, ya zaro wani dunƙule da aka naɗe da baƙin salatif. Wanda ya kafa farantin waya ta gaza masa, sai ya haɗa biyu ya ɓoye mahaɗin. Da ya warware, ruwa ya ɗigo, haƙoran ciki duk sun yi kore. Ta cikin wayar nan wuta ke hawa zuwa faranti, ya ce, in mahaɗin ya jiƙe sai farantin ya mutu har rana ta busar da shi, kuma yadda ya ci ɗin nan ko ba ruwa ya kusa ƙarasawa. Bai yi faci ba. Ya ja sabuwar waya guda ɗaya tun daga sama har ɗaki ta ɗaya ƙafar ƙarfen, ya lanƙwasa ta ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje. Da zai tafi ya roƙi ya ɗauki hoton wasiƙar, wai zai nuna wa abokan aikinsa.

Ranar Talata ruwa ya zo ƙarfe tara. Batulu ta tsaya da hannu a kan famfo tana kallon ƙofar 'yarta.

"Buɗe, Yumma," in ji Khairiyya. "Cika shi har baki."

Ƙarfe goma malamai uku suka bayyana. Tana amsa tambaya tana jin ruwa na ɗiga cikin kwano a tsakar gida, fuskokin kuma suna ta motsi, ɗaya har yana hamma. Minti hamsin aka yi. Shugabar kwamitin ta gyara tabarau ta ce, "Mabruk, ya daktora, kin ci."

Khairiyya ta fito ba mayafi, ta tarar da uwarta zaune gaban baho hannu duk kumfa. Ta gyaɗa mata kai. Batulu ta miƙe ta rangaɗa guɗar da ta sa maƙwabta leƙowa ta katanga, kwanon kuwa ya cika yana zuba a ƙasa, babu wanda ya je ɗaukewa.