Mazarƙwailar Najaha

Ranar Asabar bayan la'asar Najaha ta tsaya a zauren Mushe Sallau, malaminsu na darasin kasuwanci a Damagaram, wanda yake zuwa gida Matameye, garin su Najaha, duk ƙarshen mako. A hannunta akwai tsarin sana'ar da ta rubuta: injin matse rake a Dungu, kusa da Matameye, ta dafa mazarƙwaila ta sayar. Karo na biyu ke nan ya duba shi. Na farko ta samu bakwai bisa ashirin, yanzu takwas. Sai da goma ake wucewa, kuma babanta ya riga ya faɗa: idan ta maimaita aji, ta dawo gida ke nan.

"Mushe, maki biyu ne fa kawai."

"Zauna, 'yar Alhaji. Me kika gyara?"

Ta nuna masa sabon bango mai sheƙi, da hoton rake da ta sa.

"Bangon ya yi kyau, shi ya ba ki maki ɗayan." Ya buɗe shafi na huɗu. "Kin ce kowa na son zaƙi. Mutum nawa kika tambaya? Nawa suke saye, a kan nawa? Binciken kasuwa maki biyar ne, ban ga bakin mai saye ko ɗaya ba. Nan kuma kin ce ba ki da abokin gasa. To matan da ke baza mazarƙwaila ranar kasuwa fa, aljanu ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Wannan ma da sauƙi. Kin rubuta ciniki iri ɗaya wata goma sha biyu. Ke 'yar garin nan, ana saran rake da damina?"

"A'a."

"Wa zai yi miki aikin?"

Nan ta ɗan samu ƙarfi. "Yayyena, Isma'ila da Yasin. Ba sai an biya su ba, shi ya sa ban sa ladan aiki ba."

"Ko ɗan'uwa ne, aikinsa yana da farashi, dole ya fito a tsari. Amma bar wannan. Ina suke yanzu?"

Sai a nan Najaha ta tuna. Suna Kano. Kowace shekara da an gama girbin gero suke ɗaukar jaka su tafi cin rani, ba su dawowa sai hadari ya haɗu. Raken kuwa a tsakanin nan yake nuna. Tun tana ƙarama take raka su tasha, amma ko sau ɗaya abin bai faɗo mata ba tana rubutu.

"Tunanin yana da kyau," in ji shi a hankali. "Da kin zo kafin ki sake kawowa, da mun zauna. Na riga na miƙa wa makaranta sakamakon tun ranar Alhamis."

Ta yi godiya ta fito. Daga nan zuwa gidansu ba nisa, amma ta bi ta bayan kasuwa. Da ta iso, babanta yana ƙofar gida yana alwala. Ya ɗago ya dubi takardun, ya dube ta, bai tambaya ba.

"Shiga ki taya Inna aiki," ya ce.