Gadarmu a Shafi na Goma Sha Huɗu

Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Na yi shekara talatin ina koyarwa kafin in yi ritaya, saboda haka duk takardar da ta shigo gari, ko ta asibiti ce, sai ta biyo ta hannuna. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan.

A farkon shekara Ciyaman ɗinmu ya dawo daga birni da wani ɗan littafi mai hotuna, ya ajiye mini a kan benci. Kasafin kuɗin jiha ne da aka sauƙaƙa domin talakawa, shafi ashirin kacal.

"Malam, ka matse mana shi a takarda ɗaya. Ranar Asabar za mu zauna a kan maganar gada."

Gadar ce kaɗai hanyarmu ta fita zuwa titi. Ƙafarta ta tsakiya ta tsage, ruwa ya ƙwaƙule gindinta. Mun yi karo-karo mun sayi siminti buhu sittin da rodi, suna jibge a sito. Wanda zai yi gyaran shi ne Magini, yayan mai ɗakina, mutumin da bai san bihim ba a boko amma ya san kankare kamar yunwar cikinsa.

Na zauna a ofishin ƙungiya, ɗaki ne mai tebur ɗaya da kabad marar ƙofa, na bi littafin daki-daki. Farko inda kuɗi za su fito: kason gwamnatin tsakiya, harajin cikin gida, tallafi. Sai inda za su tafi: albashi da hidimar yau da kullum, sannan manyan ayyuka. Abin da za a kashe ya fi abin da za a samu, an ce rance za a ci a cike giɓin. Duk na rubuta a taƙaice.

Da na kai shafi na goma sha huɗu sai na gyara zama. Jerin ayyukan da jama'a suka nema ne, kuma ga sunan garinmu a layi na shida: sabuwar gada, miliyan tamanin da biyar. Ni na je taron jin ra'ayin jama'a bara, ni na miƙe gaban manya na roƙi gadar nan har muryata ta dushe. A lokacin har dariya aka yi mini a gari, ana cewa na je ɓata kuɗin mota. Na karanta layin ya fi sau goma, kaina ya fasu.

Amma na riga na karanta shafi na tara, kuma na fahimce shi sarai. Can ne aka jera abin da aka ware bara da abin da aka kashe a zahiri. Albashi an biya kusan duka. Manyan ayyuka kuwa, cikin kowace naira ɗari da aka ware, talatin da ɗaya kawai aka saki. Rancen da aka dogara da shi ko rabinsa bai shigo ba. Warewa daban, saki daban, ɗan aji huɗu ma zai gane wannan.

Na rubuta shi a layi biyu a ƙasan takardata. Na duba na ga yana rage wa gadata armashi. Sai na ce wa kaina takarda ɗaya aka ce, wuri ya ƙare, kuma lissafin bara ai na bara ne. Na sake kwafe takardar da kyakkyawan rubutu, ban sa layukan ba.

Ranar Asabar muka cika ajin makarantar firamare, manya a kan kujerun yara, gwiwa har ƙirji. Na karanta. Da na zo kan gada aka ɗauki tafi, wani ya ce ashe tsohon alli bai ƙare ba. Ciyaman ya kawo shawara: tunda gwamnati za ta rushe tsohuwar ta yi sabuwa, a juya simintin a gina shaguna huɗu a bakin kasuwa, ƙungiya ta riƙa samun haya.

Magini ne kaɗai ya miƙe. "Jama'a, ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Ƙafar nan ba za ta kai ƙarshen damina ba, na sa hannu a tsagar har wuyan hannu." Sai ya juyo gare ni. "Malam, kai ka karanta. Abin nan tabbas ne?"

Littafin yana cikin aljihuna.

"Yaya, majalisa ta amince, gwamna ya sa hannu," na ce. "Doka ce."

Kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ya jinjina kai ya zauna. "To, tunda kai ka faɗa."

Shi ya gina shagunan da hannunsa, sun yi kyau kuwa. Wata uku, wata biyar, ko mai auna wurin gadar ba mu gani ba. Na je ma'aikatar ayyuka sau biyu a ɓoye. Wani jami'i mai kirki ya ce mini kuɗin ba su sauka ba tukuna, ana jiran rance, in ƙara haƙuri. Na dawo na ce wa mutane ana kan shiri. Tun daga nan duk sanda hadari ya haɗu sai in tuna shafi na tara.

Wata ranar kasuwa da hantsi, bayan an kwana biyu ana ruwa, gadar ta karye da a-kori-kura a kanta. Direban kuwa babban ɗan Magini ne, mai 'ya'ya uku. Sai washegari aka samo shi, can ƙasa inda rafin ya yi kwana.

Na yi kwana uku ina zaune a ƙofar gidansu ana karɓar gaisuwa. Mutane suna ta tsine wa gwamnati, ni ina kallon tabarma. Kunya da tsoro suka hana ni cin abinci, mai ɗakina ta ɗauka baƙin cikin ɗan yayanta ne, har tana ba ni haƙuri.

Da mutane suka ragu, Magini ya kira ni cikin zaure. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya aika an sayo masa farar takarda da sabon biro.

"Malam, so nake ka rubuta wa mutanen gwamnati wasiƙa. Ka ce sun yaudare mu. Da sun faɗa mana ko da kalma ɗaya ce cewa abin nan ba tabbas, wallahi da na ɗaure ƙafar nan ko da kuɗin aljihuna."

"Yaya..." na ce.

Ya dafa kafaɗata. "Kar ka sa wa ranka damuwa. Kai me ka yi? Abin da suka rubuta ka karanta mana. Allah ya saka maka da alheri."

Ya gyara mini takardar a kan gwiwa. Na cire murfin biron, na tambaye shi yau nawa ga wata.