Bidiyon Inna Bai San Ta Rasu Ba

Mabiya dubu sittin Yaya take da su a shafinta na intanet, kuma duk wanda ya shiga shagon ɗinkinta sai ya ji adadin, ko da maɓalli ya zo saye. Alhali kowa ya san don Inna ake bin shafin. Tsohuwar ce ke zama gaban keken ɗinki, tabarau a kan hanci, tana koya wa mutane sa zif da gyaran wuyan riga, tana yi wa mai ɗaukar bidiyon faɗa.

Da ciwo ya kwantar da Inna, Yaya ta yi wata bakwai ba ta ɗora komai ba. Wa ke tuna waya yana jinyar uwa?

Ranar da aka binne ta, Yaya ta ɗora baƙin hoto da layi biyu na sanarwa. Abu ɗaya take so: mutanen nan da ke kiran Inna uwarsu su sani, su yi mata addu'a. Bayan kwana uku ta duba. Mutum ɗari huɗu suka gani.

"Auta, wayar nan ta lalace ne?" ta tambayi ƙanwarta, wadda ke aiki a shagon waya.

"Lafiyarta ƙalau, Yaya. Yanzu ba duk mabiyi ake nuna wa ba. Mutane kaɗan ake fara gwada abu a kansu. In sun tsaya sun kalla, sun ajiye, sun tura wa wasu, sai a ƙara gaba da shi. Ke kuma kin daɗe shiru, sun daina saba ganinki. Waɗanda suka gani sun danna alamar zuciya sun wuce."

"Dubu sittin fa!"

"Suna nan a rubuce. Ba sa nan a ƙofa."

Maganar ta yi mata zafi, don gaskiya ce. Ta zauna a kujerar Inna, inda tsumman da tsohuwar ke goge keke yake rataye har yanzu.

Sai wayar ta yi ƙara, ta sake yi. Ba sanarwar ba ce. Tsohon bidiyon zif ne na bara, wanda teloli ke ajiyewa don su koma su duba, suna tura wa masu koyo. Shi bai taɓa tsayawa ba. Kullum sai ya isa hannun baƙi, Inna tana ciki da ranta, tana cewa, "Ke, riƙe wayar da kyau mana!"

Yaya ta karanta sabon sharhi: "Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Yaushe za ki koya mana hannun riga?"

Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba ranar rasuwar. Sannan ta share ido ta fara ba su amsa ɗaya bayan ɗaya, cewa Mama ta rasu ranar Talata. Tana kan amsa ta tara wani sharhin ya shigo yana gaishe da Mama.